Colab ko Codespaces: wanne zai fi yi maka idan kwamfutar ba taka ba ce

Duk wanda ya taɓa zama a kafe a Aboabo ko Asawase, ko a ɗakin kwamfuta na makaranta, ya sauke Python yana murna sai akwatin nan ya fito yana tambayar fasuwod ɗin admin, ya san inda labarin ke tsayawa. Mai kafe ba zai ba ka ba, kuma gaskiyarsa, shi ma tsoron bairos yake. Wasu wuraren ma ko an bar ka ka saka, da an kashe inji an kunna komai ya koma yadda yake da safe, saboda akwai manhaja irin su Deep Freeze da aka saka don ta riƙa goge duk abin da kwastoma ya taɓa. To mafita ita ce ka bar kwamfutar gabanka ta zama allo da kibod kawai, ainihin aikin ya gudana a wani inji can nesa da kake shiga ta burawza. Masu bada wannan kyauta suna da yawa, amma guda biyu ne nake ganin sun isa a tsaya a auna su, Google Colab da GitHub Codespaces, sai wani na uku da zan kawo daga baya don ranar da ba ka yarda da injin ba sam.

Yara sun fi son tambayar wanne ya fi ƙarfi, wanne ke da RAM mai yawa. Ni a ganina ga mai zama kan kujerar haya wannan ba ita ce tambayar farko ba. Tambayar ita ce, idan lokacinka ya ƙare ko wuta ta ɗauke kana tsakiyar rubutu, me zai tsira daga aikinka, kuma me ka bari a kan injin ga wanda zai zauna bayanka. A kan wannan su biyun suka rabu sosai.

Bari mu ɗauki aiki ɗaya mu bi shi a duka biyun. A ce wata ƙanwarmu, mamanta na da shagon kayan masarufi a Zango, shinkafa, mai, sikari, sabulu, tana rubuta cinikin kowace rana a littafi. Yarinyar tana koyon Python, ta kwashe cinikin wata guda ta zuba a fayil mai suna `ciniki.csv` da layuka uku a tsaye, `rana`, `kaya`, `kudi`. Abin da take so na farko shi ne ta san wane kaya ya fi kawo sidi. Ba ta da laftof, tana zuwa kafe awa biyu kullum ban da Juma'a.

A Colab abin ba ya ɗaukar lokaci. Ta buɗe colab.research.google.com, ta shiga da akawun ɗin Google, ta danna `New notebook`, shikenan tana da wurin rubutu. Tsarin shi ne littafin Jupyter, wato akwatuna ne jere, ka rubuta kod a akwati ɗaya ka danna Shift da Enter, amsa ta fito a ƙasansa nan take. Kuma pandas da numpy da matplotlib, wato kayan lissafi da zane na Python, duk suna ciki tun farko, ba sai ta saka ba. Ga mai koyo wannan babban sauƙi ne wallahi, don ba ta fara da faɗa da taminal ba, ta fara da ganin sakamako.

Amma ga inda ake faɗawa rami, kuma kusan kowa sai ya faɗa. A Colab abu biyu ne daban da suke kama da abu ɗaya a ido. Akwai littafin kansa, wato rubutun kod ɗinka da amsoshin da suka fito, wannan yana ajiye a Google Drive ɗinka cikin folda mai suna `Colab Notebooks`, yana adana kansa kana aiki, ba ya ɓacewa. Sannan akwai injin da aka ara maka, wanda suke kira `runtime`, shi wannan na ɗan lokaci ne. A tsarin kyauta ba ya wuce awa 12 ko da kana ta aiki, kuma idan ka bar shi ba motsi na wani lokaci sai su yanke su ba wani. Duk fayil ɗin da ka ja ka jefa a gefen hagu yana zama ne a `/content` na wannan injin aro, to idan injin ya tafi ya tafi da shi. Yarinyar za ta dawo gobe ta ga littafinta lafiya lau, har teburin jiya yana nan a allo, ta danna akwatin farko sai ga `FileNotFoundError`. Ko ta tsallake zuwa akwati na huɗu ta danna sai ga `NameError: name 'd' is not defined`, ta rasa gane yadda abin da take gani da idonta a sama zai zama babu shi. Abin da take gani hoton amsar jiya ne kawai, injin yau sabo ne fil, bai san komai ba. Haka duk abin da ta saka da `!pip install` jiya, yau zai ce `ModuleNotFoundError`.

Maganin ba wuya. Ta ajiye fayil ɗin a Drive, sannan akwatin farko na littafin ya zama mai haɗa Drive da injin:

```
from google.colab import drive
drive.mount('/content/drive')
```

sai na biyu ya yi aikin:

```
import pandas as pd
d = pd.read_csv('/content/drive/MyDrive/ciniki.csv')
d.groupby('kaya')['kudi'].sum()
```

Kullum idan ta zo, ta danna `Run all`, ta amince da izinin Drive, cikin minti ɗaya ko biyu ta koma inda ta tsaya. Duk wani `!pip install` shi ma a sa shi a akwatin sama don ya riƙa maimaita kansa. Wanda ya saba da wannan ɗabi'ar, ɗaukewar wuta ba ta ci masa komai sai layi ɗaya ko biyu da bai kai ga adanawa ba.

Sai dai ku lura da abin da wannan izinin yake nufi. Idan ka haɗa Drive, kod ɗin da ke cikin littafin yana iya karanta da goge duk abin da ke Drive ɗinka, ba folda ɗaya kawai ba. Idan littafin naka ne ba damuwa, amma idan wani ne ya turo maka a guruf ɗin WhatsApp ya ce gwada wannan, kar ka haɗa Drive sai ka karanta abin da ke ciki. Kuma akawun ɗin Google ba ƙaramin abu ba ne a buɗe a kan injin jama'a, nan imel ɗinka yake, nan hotunan wayarka suke, nan ake turo maka hanyar canza fasuwod na sauran wurare. Shi ya sa shawarata ita ce a buɗe akawun na daban don karatu kawai, wanda ko an shiga ba abin da za a samu sai darussa. Kyauta ne kuma yana zuwa da gigabait 15 nashi, wanda ya isa littattafai da fayilolin CSV har ka gaji.

Akwai wata matsala da ke damun masu kafe musamman, don su ne ke amfani da Incognito. Chrome a Incognito yana toshe kukis na ɓangare na uku, shi kuma Colab yana nuna amsoshi ne ta wani adireshi daban da ke ƙarewa da googleusercontent.com. Sai ka ga kod ya gudu amma zane bai fito ba, ko wani saƙo ya taso mai farawa da `Could not load the JavaScript files needed to display output`. Mutane sai su ɗauka netwok ne, su yi ta sake loda shafi kuɗinsu na tafiya. Ba netwok ba ne, kusa da wurin adireshi akwai inda ake ba shafin izinin amfani da waɗannan kukis ɗin, da ka ba shi ka sake loda shafin ya wuce.

To yanzu a ce yarinyar ta gama lissafi, ta ga shinkafa ce ke ɗauke da shagon, sai kuma ta ce tana so ta yi ɗan shafi da za a buɗe a waya a rubuta ciniki kai tsaye maimakon littafi. Nan Colab ya fara zama takura. Aikin ya zama fayiloli da yawa, `app.py` da folda ta `templates` da sauransu, yana buƙatar saba da za ta tsaya tana sauraro, kuma dokokin Colab ɗin kansu sun hana a mayar da shi wurin ɗora shafin yanar gizo ga jama'a. Za ka ga masu dabaru a intanet suna nuna yadda ake zagayewa, ni dai ban ga amfanin ɓata awa biyun kafe a kan haka ba alhali ga abin da aka gina don wannan aikin.

Codespaces shi inji ne na Linux cikakke, da VS Code, wato manhajar rubuta kod, a cikin burawza, da taminal na gaske inda har `sudo` yana aiki, wato abin da mai kafe ya hana ka a injinsa a nan kai ne admin. Ana farawa ne da akawun ɗin GitHub, ka buɗe ma'ajiyar aiki wadda suke kira `repository`, ka danna koren maɓallin `Code`, ka zaɓi `Codespaces`, ka ce a ƙirƙira. Buɗewar farko tana ɗan jan lokaci, kar ka ɗauka ya maƙale. Yarinyar sai ta rubuta `app.py` ɗinta, sannan ta buga wannan a taminal:

```
pip install flask
flask --app app run
```

Flask, wato kayan Python da ake gina shafi da shi, zai tashi a kan lamba 5000, Codespaces ya gane da kansa ya nuna mata maɓallin `Open in Browser`, ya ba ta adireshi mai ƙarewa da `app.github.dev`. Wannan adireshin a rufe yake tun asali, ita kaɗai ke iya buɗe shi idan ta shiga akawun ɗinta. Idan tana so yayanta da ke Nima ya gani a wayarsa sai ta je wurin `Ports` ta mayar da shi `Public`, ta tuna kuma cewa duk mai adireshin zai gani, kuma da injin ya tsaya shafin ya mutu. Wurin gwaji ne, ba wurin da mama za ta dogara da shi kullum ba.

Babban bambancinsa da Colab shi ne gobe idan ta dawo komai yana nan. Fayiloli suna nan, Flask da ta saka yana nan, sai dai kawai ta sake tayar da sabar. Colab kamar ɗakin saukar baƙi ne da ake sharewa da zarar ka fita, Codespaces kuma ɗakin haya ne da ka bar kayanka ka kulle, sai dai mita tana juyawa.

Mitar nan ita ce ya kamata a fahimta da kyau, don a nan mutane ke ƙarar da rabonsu tun wata bai kai ashirin ba. Akawun na kyauta yana samun abin da suke kira `core hours` guda 120 a wata, da wurin ajiya gigabait 15. Kar 120 ɗin ta ruɗe ka, ba awa 120 ba ce. Ana ninka awannin da injin ya yi a kunne da yawan kwakwalwar da ka zaɓa, mafi ƙanƙantar inji kuma mai 2 ne, da RAM gigabait 8, saboda haka ainihin abin da kake da shi awa 60 ne. Ka ɗauki mai 4 don kwaɗayi, ya koma awa 30, alhali aikin Flask na mai koyo ko rabin ƙaramin bai cinye ba.

Mu yi lissafin yarinyar. Awa 2 a rana, kwana 6 a sati, sati 4, ya zama kwana 24, awa 48. Tana da rarar awa 12, lafiya lau. Amma rufe tab ɗin burawza ba ya kashe injin. Yana ci gaba da gudu can har sai ya yi minti 30 ba motsi kafin ya kashe kansa, kuma wannan minti 30 ɗin a cikin rabonka ake cirewa. Idan kullum mai kafe ya ce lokaci ya yi ta rufe kawai ta tashi, rabin awa sau 24 ya zama awa 12 cif, wato rarar gaba ɗaya ta tafi a kan injin da ba kowa a gabansa, wata kuma bai ma ƙare ba tunda ya fi sati huɗu da kwana biyu ko uku. Gyaran abu biyu ne. Ko dai ta saba da zuwa github.com/codespaces ta danna ɗigo ukun nan ta zaɓi `Stop codespace` kafin ta tashi, ko ta shiga `Settings` ta rage `Default idle timeout` zuwa minti 10 misali, ana iya sa shi daga minti 5 har 240. Na biyun ya fi dacewa da mu da wuta ke ɗaukewa ba sallama, don ranar dumso ba za ka samu damar danna komai ba, sai dai canjin yana aiki ne a kan sababbin injuna da ka ƙirƙira bayan ka canza, don haka a yi shi tun ranar farko. Kuma ta waya ma ana iya shiga wancan shafin a tsayar da injin kana cikin tirotiro.

Abu ɗaya mai kwantar da hankali, idan ba ka saka katin banki ba, rabonka na ƙarewa sai su rufe maka kawai har watan gaba, ba bashi za ka tashi da shi ba. Ɗalibai kuma da ke da shaidar makaranta, misali ƴan KNUST ko Legon masu imel ɗin jami'a, suna iya neman GitHub Student Developer Pack, wanda ke ɗaga rabon zuwa 180 da gigabait 20, wato awa 90 a ƙaramin inji.

Na ce kayanka suna nan idan ka dawo, amma ba har abada ba. Injin da aka bari kwana 30 ba a buɗe ba ana goge shi, da duk abin da ke ciki wanda ba a tura ba. Mutum ya tafi gida Tamale ko Bawku hutun sallah, ya daɗe, ya dawo ya tarar da wayam. Don haka ainihin wurin ajiya ba injin ba ne, ma'ajiyar GitHub ce, kuma layi uku ne ke kai aiki can:

```
git add .
git commit -m "aikin yau"
git push
```

Daɗin abin shi ne a cikin Codespaces ba a tambayarka fasuwod wajen turawa, an riga an haɗa. Ka yi haka minti biyar kafin lokacinka ya ƙare, kullum. Ka kuma kula, idan ka fara daga `Blank` ko wani samfuri maimakon daga ma'ajiyarka, to aikin ba ya haɗe da komai sai ka danna `Publish`, mutane da yawa suna sati suna aiki a haka suna zaton yana GitHub. Wajen buɗe ma'ajiyar kuma a zaɓi `Private`, kyauta ne, balle irin fayil ɗin shagon nan da wataƙila akwai sunayen masu cin bashi da lambobinsu a ciki, bai kamata duniya ta gani ba.

Ga wata dabara ta tsimin awanni da ba kowa ya sani ba. Idan kana kan shafin ma'ajiyarka ka danna maɓallin ɗigo `.` a kibod, VS Code zai buɗe a github.dev. Wannan ba inji a bayansa, ba taminal, ba za ka iya gudanar da kod ba, amma kuma ba ya cin ko minti ɗaya daga rabonka. Ranar da aikinka gyaran HTML ne ko rubutu ko karanta kod, yi shi a nan. Sai dai gyaran da ba ka yi masa `commit` ba a cikin burawzar kafe yake zaune, ka rufe Incognito ya tafi.

Batun netwok da tsufan inji kuwa, dukansu suna da kyau ta fuska ɗaya, duk abin da ka sauke da `pip` tsakanin injinsu da intanet ne, ba ya bi ta layin kafe, shi ya sa za ka ga abu mai nauyi ya sauka cikin daƙiƙu a wurin da bidiyo ma ke tsinkewa. Amma Codespaces ya fi son layi mai tsayawa, idan yana yankewa za ka yi ta ganin yana ƙoƙarin sake haɗuwa, kuma a taminal za ka ji harafi na makara kafin ya fito saboda nisan saba. A `Settings` akwai wurin zaɓen yanki, `Europe West` ya fi kusa da mu. A tsohuwar kwamfuta mai RAM kaɗan Colab ya fi sauƙin ɗauka, kuma a waya ma yana buɗewa a daddafe, ya isa ka duba abu da dare a gida, shi kuwa VS Code a allon waya azaba ce. Wasu makarantu da ofisoshi kuma suna toshe adireshin da ba su sani ba, sai ka ga github.com ya buɗe amma injin ya tsaya yana ta juyawa ba ya shiga, alamar an toshe github.dev ke nan, ba laifin akawun ɗinka ba ne. Saboda haka kafin ka ɗora karatun wata guda a kan ɗaya, ka ba da minti goma ka gwada duka biyun a kan ainihin injin da za ka riƙa zama.

Akwai abin da dukansu ba sa yi cikin sauƙi, gara ka sani tun yanzu. Darussan masu farawa da yawa suna amfani da `turtle` ko `tkinter` ko `pygame`, masu buɗe taga su yi zane. Injin da ke can ba shi da allo, don haka za ka samu kuskure irin mai cewa `no display name and no $DISPLAY environment variable`. Kod ɗinka ba shi da laifi. Idan malaminku da irin waɗannan yake koyarwa, ka gaya masa halin da kake ciki ya ba ka aikin da ke fitar da rubutu ko zanen matplotlib.

Replit fa, za a tambaya, tunda shi aka fi sani a da. Yana aiki, amma sharuɗɗan kyautarsa sun sha canzawa, ni ba zan ce ma wanda ba shi da wata hanya ya jingina da shi ba sai ya karanta abin da suke bayarwa a ranar. Gaskiya ko waɗannan lambobin na sama ma kamfanoni ne ke da su, ka leƙa shafin `Billing` naka ka ga abin da ya rubuta maka.

Na ukun da na yi alkawari shi ne JupyterLite, ana samunsa a jupyter.org/try. Shi ba ya tambayar akawun ko fasuwod ko kaɗan, don Python ɗin a cikin burawzar gabanka yake gudu, ba saba a bayansa. Amfaninsa shi ne ranar da ka shiga wurin da hankalinka bai kwanta ba. Incognito yana goge tarihi da kukis ne kawai, ba ya kare ka daga manhajar da ke naɗar duk abin da aka buga a kibod, idan akwai irinta a injin to fasuwod ɗinka ya riga ya tafi. A irin wannan wurin ka yi atisayenka a JupyterLite ba ka buga sirrin komai ba. Kuɗin da za ka biya shi ne lodin farko yana da nauyi tunda sai ya sauko da Python ɗin ta layin kafe, ya fi jinkiri, ba kowane kunshi ke shiga ba, kuma fayilolinka a cikin burawzar suke, dole ka danna `Download` ka kwashe a filash kafin ka tashi.

To ni ga yadda zan raba. Wanda ke watanninsa na farko, ko aikinsa lissafi ne da tebur da zane, irin tambayar shinkafa da sikari, ya zauna a Colab da akawun na daban, ba ya ƙirga awanni irin na Codespaces, ba ya buƙatar git tukuna. Ranar da aikin ya zama folda mai fayiloli, ko ana buƙatar taminal, ko yaren ba Python ba ne, JavaScript ne ko Java ko C na ajin jami'a, ya koma Codespaces a ƙaramin inji. Wanda kuma yake nufin neman aiki da wannan sana'ar, ina ganin gara ya ƙaura da wuri ko da Colab bai takura masa ba, saboda git da taminal su ne abin da za a tarar da shi da su a ko'ina, kuma wanda ya daɗe a littafi kaɗai yakan sha wuya ranar da aka miƙa masa folda aka ce tayar. Ba dole ba ne ma a zaɓi ɗaya a bar ɗaya, a Colab akwai `Save a copy in GitHub`, sai lissafin yarinyar da shafinta su zauna a ma'ajiya guda.

Kowanne ka ɗauka, ka kunna tabbacin mataki biyu a akawun ɗin, yadda ko an sace fasuwod sai an zo ta wayarka. GitHub ma tun 2023 ya fara tilasta wa masu tura kod yin hakan, kuma zai ba ka wasu lambobin ceto, ka rubuta su a takarda ka ajiye a gida, kar ka adana su a `Downloads` na kafe, don ranar da waya ta ɓace a Kejetia su ne kaɗai hanyar komawa. Idan burawza ta ce ta adana maka fasuwod ka ce a'a. Idan kuma wuta ta ɗauke ba ka fita daga akawun ba, kar ka jira gobe, a wayarka ka shiga myaccount.google.com wurin na'urorin da ke ciki ka fitar da injin kafen, a GitHub kuma `Settings` sannan `Sessions`, za ka ga zaman da ke buɗe ka danna `Revoke`.